Tsuntsaye 11,000 da Aka Sauya wa Hanya

Daga shekarar 1948 zuwa 1957, duk kaka, wani masanin tsuntsaye ɗan ƙasar Holan mai suna Albert Perdeck yakan kafa raga a tudun rairayin bakin teku kusa da birnin Heg, ya kama tsuntsayen da ke kan hanyarsu ta ƙaura. Sai a sa wa kowanne zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, a zuba su cikin akwatuna, a ɗora su a jirgin sama zuwa ƙasar Suwizalan, a sake su a Basel ko Zurik ko Janiba. A tsawon shekarun nan goma, tsuntsu sama da 11,000 ne aka yi wa haka. Tambayar da yake nema wa amsa ɗaya ce: idan aka ɗauke tsuntsu daga hanyar da ya saba, aka ajiye shi a wurin da bai taɓa gani ba, zai gane cewa an kauce da shi?

Amsar da ya samu ta kasu biyu, kuma har yau a kanta masana ke gina bayanin yadda tsuntsu ke gane hanya.

Tsuntsun da hanyarsa

Tsuntsun da aka yi gwajin da shi baƙi ne mai sheƙi da ɗigo-ɗigon fari, nauyinsa wajen giram 80, dangin shaya da ƙila-ƙilai da muke gani a nan. Bari mu kira shi shayar Turai. Waɗanda ke ratsa Holan a watan Oktoba da Nuwamba daga ƙasashen gefen tekun Baltik suke fitowa, wato arewacin Jamus da Folan da kudancin Finlan da yammacin Rasha. Suna miƙewa yamma, da ɗan karkata zuwa kudu, su je su yi hunturu a Beljiyam da arewacin Faransa da kudancin Ingila, inda sanyi ke da sauƙi. Tun kafin gwajin an san wannan hanya sarai, domin an daɗe ana sa wa irin waɗannan tsuntsaye zobe ana sakinsu a wurin da aka kama su. Da ba a san inda suke zuwa a ka'ida ba, da babu abin da za a gwada sakamakon da shi.

Suwizalan tana wajen kilomita 600 kudu maso gabas da Heg. Zaɓen wurin ba na kara-zube ba ne. Perdeck ya kauce da tsuntsayen ne a kaikaice, ba gaba ba kuma ba baya ba, don hanyoyi biyun da za su iya ɗauka su bambanta ƙarara a kan taswira. Tsuntsun da ya ci gaba da bin fuskar da yake bi a da, yamma da ɗan karkata kudu, zai faɗa kudancin Faransa, in ya daɗe yana tafiya ya tsallaka Sifaniya. Wanda kuwa ya san inda za shi, ya kuma gane an ajiye shi a wani wuri daban, dole ya juya arewa maso yamma, fuskar da jinsinsa ba ya bi a lokacin kaka.

Kafin a saki kowane tsuntsu an rubuta ko ɗan bana ne ko babba. Ɗan bana shi ne wanda aka ƙyanƙyashe a shekarar, bai taɓa ƙaura ba, bai taɓa ganin Ingila ko Faransa ba. Babba kuwa ya taɓa zuwa ya dawo aƙalla sau ɗaya. Wannan rarrabewa ita ce ƙashin bayan aikin gaba ɗaya.

Bayan an sake su, sauran aiki jira ne. A wancan zamani babu na'urar bin sawu. Sai wani maharbi ya harbe tsuntsu, ko manomi ya tsinci gawarsa a gona, ya lura da zoben, ya karanta lamba da adireshin da ke jiki, ya kuma ɗauki wahalar rubuta wasiƙa. Cikin 11,000 ɗin nan, 354 ne aka sami labarinsu, kusan uku cikin ɗari ke nan.

Abin da zobban suka nuna

Da aka ɗora wuraren a kan taswira, sai ga tsuntsayen sun rabu gida biyu. 'Yan bana sun miƙe yamma da kudu maso yamma kamar ba a taɓa su ba. An tsince su a yammaci da kudancin Faransa, wasu har Sifaniya da Fotugal, ƙasashen da danginsu ba sa zuwa. Layin da suka bi ya yi daidai da wanda za su bi daga Heg, sai dai an matsar da shi kudu maso gabas da gwargwadon nisan da jirgi ya kai su. Manyan kuwa sun juya arewa maso yamma. An same su a arewacin Faransa, a kan hanyar mazauninsu na hunturu, wasu ma sun isa.

Kwatankwacin abin shi ne mutum biyu da aka sauke a wata tasha da ba tasu ba cikin dare. Ɗaya baƙo ne, abin da aka faɗa masa kawai shi ne ya miƙe yamma tafiyar kwana kaza. Zai miƙe yamman, ya cika kwanakinsa, ya tsaya a inda ya tsinci kansa. Ɗayan ya san garin da za shi, ya kuma iya duba ƙasa ya gane ta ina yake, don haka zai yanko hanya.

Ɗan bana yana da kamfas, ya san fuska. Babba yana da kamfas, yana kuma da wani abu mai aikin taswira, wanda ke gaya masa inda yake idan aka kwatanta da inda yake son zuwa. Abubuwa ne biyu daban, kuma na biyun sai an yi tafiya ake samunsa. Akwai wani ɓangare na sakamakon da ba a cika ambatonsa ba, alhali a ganina ya fi sauran ƙarfafa wannan magana. 'Yan banan da suka tsira daga hunturun farko, da bazara ta yi sun koma yankin da jinsinsu ke yin sheƙa, wurin da suka sani tun suna ƙanana. A shekarun da suka biyo baya kuma an sake samun wasunsu a sabon yankin da kuskure ya kai su. Wurin da tsuntsu ya yi hunturunsa na farko shi ne ya zama nasa, ko da kakanninsa ba su taɓa taka shi ba.

Inda za a iya yi wa gwajin gardama

Zobe ba ya nuna hanyar da tsuntsu ya bi, wuri biyu kawai yake nunawa: inda aka sake shi da inda ya mutu. Kuma inda ake samun zobe ya danganta da inda mutane ke harbin tsuntsaye. Yankin da ke da maharba da yawa zai cika taswira da ɗigo, yankin da babu su ya zama fili, ko da tsuntsayen sun ratsa ta can. Abin da ya ceci gwajin daga wannan matsala shi ne manya da yara daga wurare ɗaya aka sake su, maharban da ke jiran waɗannan su ne ke jiran waɗancan, amma duk da haka ɗigonsu ya rabu.

Gardama ta biyu ta fi nauyi. Shayar Turai tsuntsu ne mai tafiya a garke. Me zai hana a ce 'yan banan sun shiga cikin garken 'yan ƙasar Suwizalan ne kawai suka bi su? Wannan tambaya ta daɗe tana yawo. A 2024 wasu masana a Holan suka koma kan tsofaffin takardun Perdeck, suka kwatanta fuskar da tsuntsayen da aka kai suka bi da fuskar da 'yan ƙasa ke bi. Sun tarar baƙin ba su ɗauki fuskar masu masaukinsu ba, tasu ta gado suka riƙe.

An kuma maimaita gwajin a wata nahiya da wani jinsi. A wani aiki da aka buga a 2007, an kama wasu ƙananan tsuntsaye masu kama da gwara a jihar Washinton da ke yammacin Amurka, aka kai su jihar Niyu Jasi a gabas, nisan kilomita 3,700, aka bi su da 'yan na'urorin rediyo. Manyan suka nufi kudu maso yamma, wajen mazauninsu na hunturu. Yaran suka miƙe kudu abinsu.

Ina ɗan bana ya sami kamfas?

A daidai shekarun da Perdeck ke jigilar tsuntsayensa, wani Bajamushe mai suna Gustav Kramer yana aiki da wannan jinsi a cikin keji. Ya lura cewa idan lokacin ƙaura ya yi, tsuntsun da ke kulle ba ya samun sukuni, yana ta kaɗa fiffike yana fuskantar ɓangaren da 'yan uwansa na waje ke bi. Idan hadari ya rufe rana, sai ya riƙa juyawa ko'ina. Kramer ya sa madubai a tagogin kejin yadda hasken rana zai shigo ta wani ɓangare daban, sai tsuntsun ya sauya fuska daidai gwargwadon yadda aka karkatar da hasken.

Amma rana ba a tsaye take ba. Tana zagawa kimanin digiri 15 a kowace awa, don haka wanda zai yi kamfas da ita sai ya san lokaci. Ɗalibin Kramer, Klaus Hoffmann, ya nuna cewa tsuntsun yana da agogo a jikinsa, ta hanyar ɓata agogon. Ya ajiye tsuntsayen 'yan kwanaki a ɗakin da ake kunna fitila ana kashewa awa shida bayan fitowa da faɗuwar rana ta gaskiya. A ɗauka an koya wa tsuntsu neman abinci a kudu. An fito da shi da tsakar rana, lokacin da rana a Turai take kudu sosai. Shi a lissafinsa yanzu gari ya waye, saboda haka ranar da yake gani a gabas take. Wanda ya fuskanci gabas, kudu tana hannun damansa. Sai ya juya dama da rana da digiri 90, ya nufi yamma. Kuskuren ya fito daidai yadda lissafi ya ce: awa shida sau digiri 15.

Yawancin ƙananan tsuntsaye da ke tsallaka Sahara da dare suke tafiya, a cikin duhu kuwa rana ba za ta yi musu amfani ba. Su taurari suke dubawa, kuma wani Ba'amurke, Stephen Emlen, ya nuna da wasu tsuntsayen Amurka masu ƙaurar dare cewa ba a haife su da sanin taurarin ba. Tun suna ƙanana suke lura da wurin da sararin sama ke juyawa a kewayensa, su ɗauke shi a matsayin arewa. Da ya rene su a ɗakin da ake haska taurari a rufinsa, ya sa saman ya riƙa juyawa a kewayen wani tauraro daban, sai suka mayar da wannan tauraro arewarsu.

Kamfas na uku shi ne maganaɗisun ƙasa, kuma ba ya aiki irin na allurar kamfas da muka sani. A 1972 Wolfgang da Roswitha Wiltschko, miji da mata masu bincike a Farankfut, suka nuna cewa tsuntsu ba ya bambanta arewa da kudu ta maganaɗisu. Abin da yake ji shi ne karkatar layukan maganaɗisun. A tsakiyar Turai layukan suna nutsewa cikin ƙasa da karkata mai tsanani, wajen digiri 65, suna ƙara kwanciya yayin da aka yi kudu. Tsuntsu ya san ɓangaren da ke kai shi wajen ƙuryar duniya, wato ƙarshenta na arewa ko na kudu, da wanda ke kai shi wajen tsakiyarta, tsakanin ƙuryoyin biyu, shi ke nan. Akwai layin da ya zagaye duniya inda layukan ke kwance shamɓal, babu karkata ko kaɗan, kuma a Afirka ta Yamma ya ratsa ta arewacin Najeriya. Tsuntsun da ya iso nan daga Turai, wannan kamfas nasa ya daina nuna masa komai na ɗan lokaci, kuma in zai wuce gaba dole ya juya ma'anarsa, domin yanzu tsakiyar duniya tana bayansa. Ma'auratan nan sun gwada haka a keji: da aka ajiye wani ɗan tsuntsu mai ƙaura zuwa Afirka cikin maganaɗisu kwantacce na 'yan kwanaki, sannan aka mayar da shi na Jamus, sai ya juya fuskarsa baya.

Fuskar kanta, da tsawon tafiyar, gado ne. Wannan ɗan tsuntsu da aka ambata, idan ya tashi daga Jamus, kudu maso yamma yake bi zuwa Sifaniya, sannan ya karya kudu da ɗan karkata gabas ya tsallaka hamada. Eberhard Gwinner da Wolfgang Wiltschko sun rene irinsa da hannu a keji a Jamus, ba su taɓa zuwa ko'ina ba. A watan Agusta da Satumba suna tsalle wajen kudu maso yamma. Da Oktoba ya kama, lokacin da 'yan uwansu ke karya kwana a can, su ma sai suka sauya zuwa kudu maso gabas a cikin kejin. Umarnin a jiki yake: bi nan na makonni kaza, sannan ka juya nan. Shi ya sa 'yan banan Perdeck ba su da yadda za su gyara. Umarni irin wannan bai san an ɗauke ka a jirgi ba.

Me babba yake karantawa?

Perdeck ya nuna cewa taswirar tana nan, bai nuna da me aka yi ta ba. An yi shekara hamsin kafin a sami amsa mai ɗan ƙarfi, kuma daga wani jinsi ta zo, ɗan ƙaramin tsuntsu mai ruwan ƙasa da ke zama cikin dogayen ciyayin bakin ruwa, nauyinsa bai wuce giram 12 ba sosai. A Turai yake sheƙa, a Afirka kudu da Sahara yake hunturu, har da fadamun Afirka ta Yamma.

A tashar binciken tsuntsaye ta Ribaci, a bakin tekun Baltik cikin ƙasar Rasha, Nikita Chernetsov da abokan aikinsa suka kama irin waɗannan tsuntsaye da bazara, suna kan hanyar komawa gida. Duk wanda aka kama a lokacin ya riga ya je Afirka ya dawo, don haka gogagge ne. Ana auna fuskarsu da wani keji mai siffar mazurari, faɗinsa a sama, an shimfiɗa wa bangonsa takarda mai nuna karce. Ana sa tsuntsu a ciki da dare, an rufe saman da raga yadda zai ga taurari. Duk tsallen da ya yi sai farcensa ya bar alama a takardar. Da safe a ƙirga karcen, a ga ɓangaren da ya fi yawa. A Ribaci arewa maso gabas suke nufa. Da aka kai su Zibenigorod, kusa da Mosko, kilomita 1,000 gabas, sai suka koma arewa maso yamma. An buga wannan a 2008, kuma daidai yake da abin da manyan Perdeck suka yi.

Sai aka shiga neman gaɓar da ke wannan aiki. A gwajin da aka buga a 2013, an yanke wa wasu tsuntsayen wata jijiya da ke tashi daga saman baki zuwa ƙwaƙwalwa, wasu kuma aka yi musu tiyatar amma aka bar jijiyar, don a tabbatar ba ciwon yanka ne ke rikita su ba. Da aka kai su Zibenigorod, masu jijiya suka gyara hanya. Marasa ita ba su ruɗe ba, kamfas ɗinsu lafiya lau, amma sun ci gaba da nufar arewa maso gabas kamar suna Ribaci. An mayar da babba ɗan bana ke nan.

Gwajin 2015 ya fi burge ni, domin ba a kai tsuntsun ko'ina ba. An bar shi a Ribaci, yana ganin ranar Ribaci da taurarinta, yana shaƙar iskarta, aka kewaye kejinsa da manyan naɗe-naɗen waya masu ɗauke da lantarki, aka daidaita su har maganaɗisun da ke cikin kejin ya zama irin na Zibenigorod. Bayan 'yan kwanaki tsuntsayen suka juya arewa maso yamma. Ƙarfin maganaɗisu da karkatarsa da bambancin da ke tsakanin arewar maganaɗisu da arewar taurari duk suna sauyawa daga wuri zuwa wuri, kuma tsuntsun da ya yi tafiya sau ɗaya ya ji yadda suke sauyawa a kan hanya. Da wannan yake gane cewa ya yi gabas da yawa.

Bai kamata a shimfiɗa wannan a kan kowane tsuntsu ba. Tantabarun gida da wasu tsuntsayen teku, idan aka toshe musu jin ƙamshi, sukan kasa komawa gida daga wurin da ba su sani ba, ko da maganaɗisunsu kalau yake. Dinyar daji ta ƙasashen sanyi da dangin gauraka masu ƙaura iyali guda suke tafiya, yaro yana bin iyayensa ya koyi hanya da wuraren hutawa, har an taɓa koya wa wasu a Amurka hanya ta bin ƙaramin jirgin sama. Manyan tsuntsaye masu hawa kan iska mai ɗumi, irin dangin shamuwa, da rana suke tafiya a garke, kuma tsarin ƙasa yana tilasta musu hanya: ba sa son doguwar tafiya a kan teku, shi ya sa shamuwar Turai mai farin jiki ke taruwa a mashigin Jibiralta da na Bosforas. Sannan ko wane jinsi ne, idan an kusa gida ido ke ƙarasa aikin, da koguna da gaɓar teku da bishiyar da aka sani. Taswirar maganaɗisu tana kai tsuntsu yanki ne, ba reshe ba.

Rabuwar da Perdeck ya gani tana faruwa ko ba jirgi. Guguwa ko iska mai ƙarfi daga gefe tana yi wa tsuntsu abin da akwatunan nan suka yi. Babba zai gyara bayan ta lafa. Ɗan bana zai ci gaba da fuskarsa daga inda iska ta yar da shi, in fuskar ta kai shi tsakiyar teku, can zai ƙare. Masu lura da tsuntsaye a tsibiran yammacin Turai suna ganin haka duk kaka: baƙin tsuntsayen da ke faɗowa can daga Sibiriya ko Amurka, dubban kilomitoci nesa da hanyarsu, galibinsu 'yan bana ne.